Mitokondiriya da Ƙarfin Tsoka: Dalilin da Ya Sa Tattabara Ta Fi Kaza Tashi

Duk wanda ya taɓa gyaran tsuntsu ya san naman ƙirjin kaza fari ne, na tattabara kuwa ja ne wur. Wannan bambanci yana da nasaba da waɗansu ƙananan halittu da ke cikin ƙwayoyin tsoka, waɗanda masana kimiyya ke kira mitokondiriya.

A wurin masanan, numfashi bai tsaya ga shaƙar iska ba. Ainihinsa shi ne ƙona abinci a cikin ƙwayar halitta don a sami wani sinadari mai suna ATP, wanda da shi tsoka ke motsi. Aikin yana farawa ne a wajen mitokondiriya, inda ake raba sukarin gulukos gida biyu. Wannan mataki ba ya bukatar iskar oksijin, amma ATP biyu kacal yake bayarwa.

Sa'an nan gutsattsarin sukarin su shiga mitokondiriya, a yi ta sarrafa su har su zama iskar da mutum ke fitarwa. Hans Krebs ne ya bayyana wannan mataki a shekarar 1937, kuma da naman ƙirjin tattabara ya yi bincikensa. Ƙarfin da aka tatsa ana amfani da shi wajen tura haidirojin zuwa bayan fatar ciki ta mitokondiriya, yadda ake tara ruwa a madatsa. Kwararowarsa ta komawa ciki ita ke juya injin da ke ƙera ATP. A ƙarshe oksijin ta haɗu da haidirojin su zama ruwa. Ta haka gulukos guda yakan ba da ATP wajen 30. Wato abin da gulukos 2 za su samar da oksijin, sai an ƙona 30 in babu ita.

To, me ya sa tsoka ta tara su da yawa? Dalili shi ne ATP ɗin da ke ajiye a cikinta ba ya wuce na 'yan daƙiƙoƙi in aiki ya yi tsanani, jini kuma ba ya kawo mata wani. Tilas kowace ƙwaya ta ƙera nata. Saboda haka mitokondiriya ke jere a tsakanin zaruruwan da ke taƙurewa.

Kaza, da yake nata kaɗan ne a ƙirji, takan yi fiffika ɗaya mai ƙarfi ta sauka a gajiye. Tattabara kuwa sai ta yi sa'o'i a sama. Jan namanta ya zo ne daga yawan mitokondiriya da jijiyoyin jini da sinadarin da ke riƙe oksijin.

Zuciyar ɗan Adam ma haka take, domin kusan sulusin kowace ƙwayar tsokarta mitokondiriya ne. Shi ya sa idan jijiyar da ke shayar da ita ta toshe, oksijin ta yanke, ƙwayoyin sukan fara mutuwa cikin kamar rabin sa'a.