Idan abokin ciniki ya kai ƙararka gaban duniya

A shekarar 2009 wata mata a birnin Chicago na Amurka ta yi odar fiza daga wani shagon Domino's. Ta sha jira, da abincin ya iso kuma ba shi ne wanda ta ce a kawo mata ba. Sai ta hau Twitter ta amayar da ɓacin ranta. Ramon De Leon, wanda ke kula da wasu shagunan kamfanin a birnin, bai tsaya a rubutaccen ban-haƙuri ba. Ya tsaya gaban kyamara tare da manajan shagon da aka yi kuskuren, suka amsa laifi, suka ba ta haƙuri, ya saki bidiyon kowa ya gani. Bidiyon ya zagaya fiye da ƙorafin da ya haife shi, masu koyar da harkar kasuwanci suka riƙa kafa misali da shi.

Yau wannan hali ya iso ƙofar kowane tela, mai girki da mai sayar da turaren wuta da ke tallata hajarsa a waya. TikTok da Instagram ma sun ba da damar a amsa wa mutum da bidiyo, maganarsa tana manne a jikin hoton. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin masu amsawa suna ɗaukar waya ne rai a ɓace, ba tare da sun rubuta ko layi ɗaya ba. A nan ake yin ɓarnar.

Kafin a rubuta komai, a fara gyara abin da ya lalace. Bidiyon amsa shaida ce ta aikin da aka riga aka yi. Wanda ya fito yana cewa “za mu bincika” bai ba mai kallo abin kamawa ba, don kowa ya san inda irin wannan bincike ke ƙarewa. A kira mai ƙorafin a waya, a saurare ta har ta kai aya, a daidaita, sannan a nemi izininta a faɗi yadda aka yi. Ita an gama da ita a waya. Bidiyon na ɗaruruwan da suka ga ƙorafin ne, waɗanda ba su ce uffan ba, suna lissafin ko su kawo nasu kayan.

Mu ƙaddara wani tela ne a Kano. Wata mata ta ba shi leshin fitar biki, ya yi alkawarin Laraba, bai ba da kaya ba sai Asabar, ranar ɗaurin aure, rigar kuma ta matse ta a kafaɗa. Ta ɗauki bidiyo tana nuna hannun rigar da ya ƙi shiga, mutane suna ta yaɗawa. Ga irin abin da ya kamata ya rubuta ya haddace:

“Assalamu alaikum. Ni ne mai wannan shago. Hajiya ta ce mun saɓa mata alkawari da kwana uku, rigar kuma ta matse ta. Gaskiya ta faɗa. Mun karɓi ɗinki fiye da ƙarfinmu a makon, kuma an yanka yadinta da awon wata. Hajiya, ki yi haƙuri, mun ɓata miki ranar biki. Jiya mun mayar mata da kuɗin ɗinkinta, mun sayo irin leshin, ga sabuwar rigar nan, yau za a kai mata. Daga yanzu kowane yadi da takardar awonsa maƙale a jikinsa, kamar yadda kuke gani, kuma ba ma yanka sai mutum biyu sun duba. Duk wanda ya taɓa samun matsala da ɗinkinmu, ya kira lambar shago, ni zan ɗauka.”

Idan aka faɗe shi a natse bai kai minti ɗaya ba, kuma hakan ake so. Daƙiƙoƙin farko su ne masu tsada, shi ya sa bai ɓata su wajen jero gaisuwa da tarihin shekarun da ya yi yana ɗinki ba. Ya maimaita ƙorafin da kalmomin mai shi, bai rage masa nauyi ba. Da ya ce “an ɗan samu akasi”, masu kallo da suka ga rigar da idonsu za su gane yana ɓoye-ɓoye.

Wurin da ya fi wuya shi ne bayyana dalili. Jimla ɗaya ta isa, kuma kada “amma” ta biyo bayan “ki yi haƙuri”. Da zarar an ji “ki yi haƙuri, amma kin kawo kayan a ƙurarren lokaci”, ban-haƙurin ya tashi aiki, an koma shari'a. Haka nan bai ambaci sunan yaron shagon da ya yi yankan ba. Wannan ya fi komai ci mini rai idan na gani: maigida ya jawo yaro gaban kyamara yana masa faɗa don ya wanke kansa. Mai kallo ba ya ganin adalci a nan, yana ganin mutumin da gobe zai iya juya masa baya shi ma.

Sai abin da ido zai gani. Lokacin da ya ce “ga sabuwar rigar nan”, ya ɗaga ta a nuna kafaɗar da aka gyara. Da ya zo kan takardar awo, kyamara ta matsa kusa da yadin da aka soke wa takarda da fil. A ɗauka a cikin shagon, kekunan ɗinki a baya, wayar a tsaye, ba kiɗa, ba tallar ragi a ƙarshe. Wanda ya rufe ban-haƙuri da “muna da sababbin kaya” ya nuna abin da ya kawo shi. A kuma duba kada lambar wayar matar, adireshinta, rasit ɗinta ko awon jikinta su fito. Ban da zubar da mutunci, Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda ta shafi 'yan kasuwa masu riƙe da bayanan abokan cinikinsu.

To idan mai ƙorafin ce ba ta da gaskiya fa? Ba a amsa laifin da ba a yi ba. A faɗi abin da littafin shago ya nuna, cikin ladabi, a kuma miƙa hannu: “Awon da aka rubuta shi aka ɗinka, Hajiya, sai dai tunda rigar ba ta zauna ba, ki kawo mu buɗa ta kyauta.” Ba a sakin hirar WhatsApp da saƙon muryarta don a kunyata ta. Mun ga inda zafin kai ke kaiwa a 2023, lokacin da wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya yi zaƙi da yawa. 'Yan sanda suka kama ta, magana ta kai kotu, labarin ya shiga kafofin watsa labarai na ƙasashen waje, mutane da dama suka yi kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin.

Akwai kuma ƙorafin da bai dace da bidiyo ba. Idan mutum goma kawai suka gani, kiran waya ya wadatar, don bidiyo zai kai maganar kunnen dubban da ba su ji ba. Idan wani ya kwanta asibiti bayan cin abincin shagon, ko lauya ya shigo, a nemi shawara kafin a furta komai a fili. Bayan an saki bidiyon, a karanta abin da mutane ke rubutawa a ranar farko. Idan tambayar farashi da wurin shago ta fara shigowa, amsar ta zauna. Idan kuwa wasu suka fito suna cewa su ma haka aka yi musu, matsalar ta wuce ta mutum ɗaya, sai a bi su da kira ɗaya bayan ɗaya, a rage karɓar aiki har sai an sauke wanda ke ƙasa.