Murar Jariri: Buɗe Hanci, Shayarwa da Lokacin Zuwa Asibiti

Mura ga jariri takan zo da majina, atishawa da ɗan tari, musamman lokacin hunturu, kuma yawanci tana wucewa da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta, don haka maganin kashe bakteriya ba ya yi mata komai. Wahalarta tana wajen toshewar hanci, domin jariri a watannin farko da hanci ya fi yin numfashi. Idan ya toshe, sai a ga ya kama nono, ya tsotsa kaɗan, ya saki yana kuka.

Abin da ya fi taimakawa shi ne ruwan gishirin ɗigawa a hanci da ake sayarwa a kemis, wanda gishirinsa kashi 0.9 ne cikin ɗari. Ana kwantar da jaririn rigingine, a ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a kowace kafar hanci, a ɗan jira majinar ta yi laushi, sannan a goge. Idan akwai robar zuƙe majina, ana matse ta tun kafin a kai bakin hanci, sannan a sake ta a hankali. Kamar minti 15 kafin shayarwa ya fi dacewa a yi haka, kuma zuƙar kada ta wuce sau uku ko huɗu a yini, don yawanta na kumbura cikin hanci. Man zafi ba ya shiga hancin jariri, hayaƙin turare da na girki kuwa ƙara tarin suke yi. Maganin tari ma ba na jarirai ba ne.

Nono ake ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Wanda bai kai wata shida ba nonon kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, zuma kuma sai bayan shekara ɗaya.

Numfashi ne abin sa wa ido, domin mura kan iya gangarawa huhu. Ana ɗage rigar jaririn yana kwance lafiya ba ya kuka, a ƙirga tashin cikinsa na minti ɗaya cur. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba ya yi sauri, haka 50 ko fiye daga wata biyu zuwa 11. Jinjiri ɗan wata huɗu da aka ƙirga masa 54 asibiti ya nufa a ranar, ko da yana shan nono.

Ba a jira idan ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, ko yana nishi, ko leɓɓansa sun yi shuɗi, ko ya ƙi nono, ko fitsarinsa ya ragu sosai, ko yana jijjiga, ko ya yi laƙwas da wuyar tayarwa. Zafin jiki da ya kai digiri 38 ga ɗan ƙasa da wata uku shi ma na gaggawa ne. Ga wanda ya wuce haka, zazzaɓi na buƙatar gwajin maleriya kafin a ce mura ce kawai.