Duba Insha'in Abokin Karatu

A ce malami ya ba ku insha'i mai taken "Garinmu Abaji", sannan ya umarce ku da ku yi musayar takardu kafin ku rubuta na ƙarshe. Ga abin da ka tarar a sakin layi na farko na abokin karatunka:

"Abaji gari ne mai kyau sosai. Akwai abubuwa da yawa. Kasuwan Abaji yana cika da mutane. Ranar Sallah mun je faɗar Ona."

Kada ka yi saurin ɗaukar alƙalami. Ka fara karanta insha'in daga farko har ƙarshe, domin ka gane abin da yake son faɗa. Ɗalibai da yawa sukan rubuta "Ya yi kyau" su mayar da takarda. Wannan yabo ne, amma bai nuna wa mai rubutu abin da zai riƙe ko abin da zai sauya ba. Gara ka ce: "Na ji daɗin yadda ka ambaci zuwanku wurin Ona ranar Sallah, domin abu ne da ka gani da idonka."

Daga nan sai ka duba ma'ana, wadda a ganina ta fi kowane kuskuren nahawu nauyi. Jimlar "Akwai abubuwa da yawa" ba ta gaya wa kowa komai ba. Ja layi a ƙarƙashinta da fensir, ka rubuta tambaya a gefe: "Waɗanne abubuwa? Me baƙon da ya biyo hanyar Abuja zuwa Lokoja zai fara gani?" Wataƙila ya tuna da tulin doya a bakin titi, ko manyan motocin da ke wucewa dare da rana. Tambaya ta fi umarni amfani a nan, domin amsar tana wurinsa. Idan kai ka sake rubuta masa jimlar, insha'in ya zama naka, shi kuwa bai koyi komai ba.

Sai a ƙarshe ka zo kan nahawu da ƙa'idojin rubutu. "Kasuwa" jinsin mace ce, saboda haka "Kasuwar Abaji tana cika" shi ne daidai. Haka kuma gidan sarki "fada" ne. "Faɗa" kuwa magana ce ko rigima. Lanƙwasa ɗaya ta sauya ma'ana!

In ka ga kuskuren jinsi sau 6, gyara ɗaya, ka bayyana dalili, ka bar shi ya nemo sauran. Inda kai ma kake shakka, sa alamar tambaya, ku duba ƙamus tare ko ku tambayi malami. Lokacin mayar da takardar, ka ce "Ban gane wannan jimla ba", kada ka ce "Ba ka iya Hausa ba". Sannan ka nemi ya gaya maka gyaran da zai fara yi. In ya rasa amsa, to bayaninka ne bai fito fili ba, sai ka sake.