Da Yayyafi Kogi Kan Cika: Yadda Ƙananan Bambance-bambancen Awo Ke Hana Inji Haɗuwa

Yakan faru makanike ya auna kayan inji ɗaya bayan ɗaya, ya tarar kowanne lafiya lau, amma da ya zo haɗawa sai murfi ya ƙi rufuwa. Ba wanda ya yi ha'inci, ba kuma wanda ya yi sakaci. Abin da ya faru shi ne ƙananan bambance-bambancen da aka yafe wa kowane ƙarfe sun taru wuri guda.

Babu masana'antar da ke iya yanka ƙarfe daidai wa daida. Wuƙar injin tana cinyewa, ƙarfe yana ɗan buɗewa idan ya ɗau zafi. Shi ya sa injiniya ke rubuta sassauci a kan zane. Idan ya rubuta 20 ± 0.1, yana nufin duk zoben da faɗinsa ya faɗo tsakanin milimita 19.9 da 20.1 karɓaɓɓe ne. Wannan 0.1 kaurin takardar rubutu guda ne kawai, ido ba ya kama shi a jikin ƙarfe.

Mu ɗauki sandar da ke juyawa a cikin akwatin giya. An jera mata abubuwa 5: boris mai faɗin milimita 15, zobe mai 20, giya mai 30, wani zoben mai 20, sai boris na biyu mai 15. Jimla 100 ke nan. An yi wa gidan da za su zauna tsawon 100.3, domin a bar 'yar rata ta 0.3 da sandar za ta samu sukunin juyawa. A ce kowane ɗaya yana da sassaucin 0.1.

Ranar da aka yi rashin sa'a duka biyar suka fito a iyakar sama, tsawonsu ya zama 100.5. Sun fi gidan da 0.2. Idan aka matse murfi da ƙarfin tsiya, boris zai shaƙe, ya riƙa zafi, ya mutu da wuri. Idan kuwa duka suka fito a iyakar ƙasa, tsawon 99.5 ne, rata ta koma 0.8. Sandar za ta riƙa kai da komowa, ana jin ƙwanƙwasa, giya tana lalacewa. A duka biyun babu ƙarfe ko ɗaya da ya saɓa wa zane. Kuma ba mu ma sa sassaucin gidan a lissafi ba tukuna.

Wannan tarawa kai tsaye ita ce lissafin mafi munin hali, kuma da ita ake aiki a inda kuskure zai iya jawo asarar rai. Sai dai a zahiri da wuya duka biyar su karkata gefe guda har iyaka. Galibi wannan ya ɗan wuce, wancan ya ɗan gaza, su rage wa juna. Don haka masu ƙera dubban kaya suke da lissafi na biyu. Sukan ninka kowane sassauci da kansa, 0.1 ya ba da 0.01, su tara biyar ɗin su samu 0.05, sannan su nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 0.05. Amsar kusan 0.22 ce, ƙasa da rabin 0.5, kuma ratar 0.3 ta ɗauke ta.

Amma wannan lissafi yana da sharaɗi: dole bambancin ya kasance a warwatse, sama da ƙasa. Idan wuƙa ɗaya da ta dakushe ce ta yanka zobban biyu, tare za su wuce awo. Shi kansa boris sassaucinsa gefe ɗaya yake. Mai lamba 6205, alal misali, faɗinsa 15 ne, an yarda ya gaza da 0.12 amma ba a yarda ya wuce ba. Nan ba mai rage wa wani.

Matse sassaucin kowane abu ba shi ne magani ba, domin tsadar aiki tana hauhawa da sauri. Abin da ƙwararru ke yi shi ne rage yawan abubuwan da aka jera, da ɗaukar kowane awo daga fuska ɗaya maimakon daga inda na baya ya tsaya. Sukan kuma bar rata da gangan, bayan haɗawa su auna ta da fila geji, su cike da siririn wosha mai kaurin da ya dace.

Saboda haka, ya kai mai gyara, idan murfi ya ƙi zama, ajiye guduma. Jera kayan, ka auna tsawonsu gaba ɗaya, ka gwada da na gidan kafin ka ɗaure noti ko ɗaya.