Gargaɗi ga ɗalibai masu haramar karatu a Birtaniya: kada a bar gwajin tarin fuka sai ƙarshe

Iyaye da ɗaliban da suka samu gurbin karatu a Birtaniya, a yi hattara. Ɗalibi na iya biyan kuɗin makaranta, ya kama ɗaki, amma shekarar ta wuce shi saboda takarda guda ɗaya, wato shaidar gwajin tarin fuka. Duk wanda yake zaune a Nijeriya kuma zai yi fiye da wata shida a Birtaniya, dole ya haɗa wannan takarda da takardun neman biza.

Ba kowane asibiti ke bayar da ita ba. Sai asibitin da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya ta amince da shi, irin cibiyoyin hukumar IOM da ke Abuja da Legas, kuma cikakken jerin yana shafin GOV.UK. Takardar wani asibitin daban, komai girmansa, ba ta da amfani a ofishin biza. Shi kuwa dillalin da ya ce zai samo maka ita ba tare da ka je ba, rami yake haƙa maka: idan aka gano takardar jabu ce, za a ƙi ba ka biza, kuma ana iya hana ka shiga ƙasar har shekara 10.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lokaci. Gwajin hoton ƙirji ne, idan huhu ya fito tas sai a ba ka takarda ba da jimawa ba. Amma idan likita ya ga wani tabo, ko da na tsohon ciwon da ya warke ne, za a nemi ka kawo kaki da safe kwana uku a jere, a ajiye shi a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro. Wannan jira yana kai wa mako takwas, kuma ba kuɗi ko roƙon da zai gajarta shi.

Ɗauki ɗalibar da za ta fara digiri na biyu a ƙarshen Satumba. Ta je gwaji a tsakiyar Agusta, aka ga tabo. Sakamakon kaki ba zai fito ba sai tsakiyar Oktoba, sannan ne za ta nemi biza, alhali an rufe rajista. Da a farkon Mayu ta je, da sakamakon ya fito a farkon Yuli, da sauran lokaci a hannunta. Sai dai garaje ma yana da illa, domin takardar wata shida kawai take aiki daga ranar da aka ɗauki hoton. Wanda ya yi gwaji a Janairu ya nemi biza a Agusta, tasa ta riga ta mutu. Idan kuma cutar aka samu, magani na ɗaukar aƙalla wata shida, kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati a Nijeriya, kuma abin yi shi ne a roƙi jami'a ta ɗage gurbin zuwa wani zango.

Sai batun inshorar lafiya. A Birtaniya kuɗin da ake kira IHS ne ke buɗe wa ɗalibi ƙofar asibitocin gwamnati na NHS, kuma inshorar kamfani ba ta ɗauke masa biyansa. Tun Fabrairun 2024 ɗalibi yana biyan fam 776 a kowace shekara, gaba ɗaya, lokacin neman biza. Kuskuren da ake yi shi ne lissafi da tsawon kwas, alhali da tsawon biza ake lissafawa. Kwas na wata 12 yakan zo da ƙarin wata ɗaya kafin farawa da wata huɗu bayan gamawa, kusan wata 17 ke nan. Ragowar da ba ta wuce wata shida ba ana biyan rabin kuɗin shekara a kanta, don haka abin biya fam 1,164 ne. Wanda ya tanadi fam 776 kaɗai zai tarar da giɓin fam 388 a ranar biya.

A kuma sani cewa IHS bai haɗa da yawancin aikin haƙori da gwajin ido ba, kuma a Ingila ana biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi da bayanin likitansa, ya yi rajista da likitan unguwa da ake kira GP a makon farko.

Ɗalibi, da zarar gurbi ya tabbata, duba ranar fara karatu ka ƙirga wata huɗu zuwa biyar baya, ka nemi ranar gwaji. Iyaye kuma ku tanadi kuɗin IHS bisa tsawon biza tun kafin a buɗe fom.