Lambobin Da Ke Wuyan Rigarka: Me 65 Da 35 Ke Nufi?

Ka juya rigar da ka saya ta cikinta, ka duba wuya ko ɗinkin gefe. Za ka tarar da ɗan farin ƙyalle mai lambobi biyu, galibi 65% da 35%. A yadi kuwa, rubutun yana bakin yadin ko a takardar da aka manna wa bandir. Yawancinmu launi da sheƙi muke kallo a Kantin Kwari, mu murza yadi tsakanin yatsu, mu biya. Alhali lambobin nan biyu sun fi yatsu sanin yadda rigar za ta yi da kai a watan Afrilu.

Lambar da ta fi girma ita ce zaren da ya rinjaya. Kalmar Turanci mai farawa da harafin P ita ce foliyesta, zaren da ake sarrafawa daga man fetur, wanda mutane ke ce wa roba. Mai farawa da C ita ce auduga, kotin a bakin 'yan kasuwa. In ka ga an rubuta TC, foliyesta ta fi yawa, yawanci 65 da 35. In CVC ne, auduga ce ta haura rabi, kamar 60 da 40.

Batun zafi a gumi yake. Auduga tana riƙe danshin iska da ya kai kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, foliyesta kuwa ko kashi 1 ba ta kaiwa. Don haka auduga ke tsotse gumi ta raba shi da fata, yadin TC mai matsattsiyar saƙa kuma ya bar shi yana kwarara a gadon baya. Ga shi foliyesta tana son maiƙo: tabon manja yana kama ta, wari kuma yana maƙale mata a hammata ko bayan wanki. Sai dai kada a ɗora wa lamba laifi duka. Ɗaga yadin sama wajen haske. In haske na ratsa saƙar, iska ma za ta ratsa. Siririn yadi mai gauraye yakan fi kakkaurar auduga sanyi.

To me ya sa ake gauraya su? Saboda ƙarko. Uwar da ke wanke kayan makarantar yaro sau uku a mako ta san amfanin TC: yana bushewa da wuri, ba ya yamutsewa sosai, gwiwar wando ba ta saurin ɓulewa. Aibinsa shi ne ƙananan ƙulle-ƙullen zare da ke tasowa a wuya da inda jaka ke gogawa. A auduga zalla suna kakkaɓewa, amma zaren foliyesta mai ƙarfi ne, sai ya riƙe su.

Inda aka fi yin asara shi ne tsukewa. A masaƙa, a miƙe ake saƙa zaren auduga, ana jansa da ƙarfi. Da ya sha ruwa sai ya saki jiki ya koma, musamman ta tsawo. Audugar da ba a riga an tsuke ta a masana'anta ba takan ragu da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Mu ce tela ya auna maka kaftani mai tsawon inci 50, yadin ya tsuke da kashi 4. Inci 2 sun tafi ke nan a wankin farko, hannu mai inci 25 kuma ya rasa inci 1, agogo ya fito fili. Foliyesta ba ta shan ruwa, shi ya sa TC ke tsayawa kusan yadda aka yanka shi.

Ni dai ba na kai audugar da ban sani ba wurin tela sai na gwada ta. A yanki ƙyalle, a zana layi mai inci 10 da biro bisa tsawon yadin, a wanke, a shanya, a goge, a sake aunawa. In ya koma inci 9 da rabi, kashi 5 ke nan: a jiƙa yadin gaba ɗaya ya bushe kafin almakashi ya taɓa shi.

Wajen guga kuma a duba hoton dutsen guga a ƙyallen. Ɗigo uku zafin auduga ne, kusan digiri 200. Ɗigo biyu 150 ne, a nan mai gauraye yake tsayawa. Dutsen gawayi ba shi da ma'auni, shi ya sa yake bar wa TC sheƙin da ba ya fita. A goge ta ciki, ko a shimfiɗa ƙyalle mai danshi a kai.

In yadin ba rubutu, ko ba ka yarda da shi ba, zare 'yan silla ka kunna musu ashana a kan faranti. Auduga na warin takarda tana barin toka mai laushi. Foliyesta na narkewa ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Mai gauraye yana yin duka biyun, yana ci yana narkewa, kuma narkakken yana manne wa fata. Mai tuyar ƙosai da mai walda su nemi auduga zalla.