Yadda Ake Samun Hoton Ƙasa Garau Daga Sama a Tsakiyar Damina

Taurarin ɗan Adam da ke ɗaukar hoton ƙasa, irin su Sentinel-2 na Tarayyar Turai da Landsat na Amurka, da hasken rana suke aiki. Haske ya sauka a gona ko kogi ya koma sama, na'ura ta auna yawan wanda ya dawo. Idan gajimare ya gitta, shi za ta auna. Matsalar takan tsananta a watan Agusta, lokacin marka, kuma a lokacin ne aka fi son a ga yadda shuka take da inda ruwa ya malala, musamman a wuri irin dausayin Hadejia da Nguru, inda ambaliya ke cika fadamu kusan kowace shekara.

An harba Sentinel-2 na farko a 2015, na biyu a 2017. Idan biyu suna aiki tare, sukan ratsa wuri ɗaya duk kwana 5, da wajen ƙarfe goma da rabi na hantsi, daga nisan kilomita 786. Ke nan a wata guda ana samun hoto kamar shida. Da wuya a sami ko ɗaya da ba gajimare a cikinsa, amma gajimare ba ya zama wuri ɗaya. Gonar da ya rufe yau, bayan kwana biyar tana iya zama a fili. A kan wannan dabarar ta ginu: a share gajimare daga kowane hoto, sannan a cike gurbin da sauran hotunan, kamar yadda tela ke yi wa riga faci da ƙyallen yadi iri ɗaya.

Hoton ya ƙunshi ƙananan ɗigogi, kowane ɗigo yana wakiltar fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, kuma a kan kowane ɗigo ake yanke hukunci. Gajimare mai kauri ba ya wahalar ganewa, domin fari ne fat a kusan duk kalar haske da na'urar ke aunawa, waɗanda suka kai 13, har da waɗanda idon mutum ba ya gani. Siririn gajimaren da ke can ƙololuwar sama ya fi wuyar sha'ani, saboda ana hango ƙasa ta cikinsa, sai dai ya dusashe ta. Don shi aka ware wani zangon haske, kusa da maikuromita 1.38, wanda tururin ruwan da ke cikin iska yake shanyewa kafin ya isa ƙasa ya dawo. Duk abin da ya yi haske a wannan zango, a sama yake. Sakamakon tantancewar yana zuwa tare da hoton a wani shafi mai suna SCL, inda lamba 8 da 9 ke nufin gajimare, 10 siririn gajimare, 3 kuma inuwa. Landsat yana da wata falala da Sentinel-2 ba shi da ita: yana auna zafi, gajimare kuwa ya fi ƙasa sanyi. Dabarar Fmask, wadda aka wallafa a 2012, tana amfani da wannan bambanci.

Inuwa ta fi gajimaren kansa yaudara. Da hantsi rana tana gabas, don haka inuwa takan faɗi yamma da gajimaren. A arewacin Najeriya cikin Agusta, gajimaren da ke kilomita 2 a sama yakan jefa inuwarsa kimanin mita 700 zuwa 800 daga inda yake. Manhaja tana bin wannan lissafi, ta laluba ɓangaren yamma, ta nemi tabo mai duhu da ya yi kama da siffar gajimaren. Amma ruwa ma duhu yake yi a hoton. A dausayi, ana iya share tafki na gaske a ce inuwa ce, ko a bar inuwa ta shiga lissafin ambaliya. Haka nan rufin kwano mai walƙiya da farin yashin jigawa sukan fito a matsayin gajimare. Gane wannan ba wuya: farin tabon da ke wuri ɗaya a kowane hoto, wata da watanni, gini ne ko yashi. Gefen gajimare kuma yakan kuɓuce wa manhaja, shi ya sa ake faɗaɗa wurin da aka share da 'yan ɗigogi ta kowace fuska.

Akwai kuskuren da masu farawa suka saba yi tun kafin a zo nan. Kowane hoto, mai faɗin kusan kilomita 110, yana zuwa da adadin gajimaren da ke cikinsa, sai mutum ya ce a ba shi waɗanda ba su wuce kashi 10 cikin ɗari ba. A damina wannan zai iya barin sa hannu rabbana, alhali hoton da gajimare ya cinye kashi 60 yana iya nuna ƙauyen da ake nema tangaran.

Bayan sharewa sai haɗawa. A ɗauki misalin ɗigo ɗaya a gonar gero, wanda aka ɗauka sau bakwai cikin makonni biyar. Ganye kore yana shanye jan haske, don haka kaɗan yake mayarwa. A ce adadin da aka auna, cikin ɗari, shi ne 6, 48, 5, 61, 2, 7 da 19. Lambobin 48 da 61 gajimare ne, 2 inuwa ce, 19 kuwa siririn gajimare ne da manhaja ba ta kama ba. Idan aka tara su duka aka raba bakwai, za a sami kusan 21, adadin da bai yi kama da gonar ba ko kaɗan. Idan kuwa aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, 7 za a samu. In an fara share 48 da 61 da 2, saura 5, 6, 7 da 19, tsakiyarsu 6.5. Wannan ne dalilin da ya sa aka fi son ɗaukar na tsakiya, wanda a Google Earth Engine ake kira da umarnin median(): lamba ɗaya da ta kauce ba ta iya jan sa. Sai dai idan fiye da rabin ranakun gajimare ne, na tsakiyan ma gajimare zai zama, shi ya sa sharewa ke zuwa farko.

Hoton da ya fito daga wannan aiki yana da kyan gani, kuma a nan hatsarinsa yake, domin ba hoton rana ɗaya ba ne. Gefen gona ɗaya na iya zama daga farkon Agusta, ɗaya gefen daga ƙarshensa, gero kuwa ya yi girma a tsakani, sai a ga layi ya raba gonar biyu ba tare da akwai shi a ƙasa ba. Idan aka tsawaita lokaci zuwa wata uku, ramukan da ke hoton za su cike, amma shuka da girbi za su cakuɗe. Idan aka taƙaita zuwa kwana goma, lokacin ya tsaya daidai amma ramuka sun yi yawa. Ambaliyar da ta yi mako guda ta janye takan ɓace gaba ɗaya a hoton wata biyu, domin ɗaukar na tsakiya yana watsi da ita kamar yadda yake watsi da gajimare.

Saboda haka mai aiki da hankali yakan fitar da taswira ta biyu, wadda ke nuna sau nawa aka ga kowane ɗigo a fili. Inda aka gan shi sau biyar, a amince da shi. Inda sau ɗaya ne, a yi taka-tsantsan, inda babu ko ɗaya kuma a bar ramin a bayyane, kada a cike shi da hoton bara a yi shiru. Idan tambayar ita ce ina ruwa ya kai a wannan makon, sai a koma ga Sentinel-1, wanda ke aiki da rada. Shi yake aika nasa sigina, siginar tana ratsa gajimare dare da rana, kuma shimfiɗaɗɗen ruwa yana fitowa baƙi. Ruwan da ke ƙarƙashin shinkafa ko kachala kuwa ba ya fitowa baƙi haka, don haka a fadama ana gwama radar da haɗaɗɗen hoton, kowanne ya nuna abin da ɗayan bai gani ba.